Yadda na ɓalle allon ƙofar mota ban karya kilif ba, ban kankare fenti ba

Sifikar ƙofar direba ce ta lalace a motata, kuma babu hanyar isa gare ta sai an cire allon da ya rufe cikin ƙofar gaba ɗaya. Motar ta haura shekara goma, robobinta sun sha zafi da sanyi, don haka na san ba sauya sifikar ne aikin ba. Aikin shi ne raba allon da ƙarfen ƙofa ta yadda zai koma ya zauna daram, ba ya karkarwa a hanya, kuma ba a bar wa fenti tabon da tsatsa za ta kama ba.

Abu uku ne ke riƙe da allon ƙofa a yawancin motoci, kuma kowanne da irin hannun da yake so. Akwai sukurori, waɗanda galibi a ɓoye suke. Akwai kilif-kilif na roba da suka zagaye gefe biyu da ƙasa. Sannan akwai saman allon, wanda ba a manne yake ba, rataye yake a leɓen ƙarfen da ke bakin gilashi kamar riga a maratayi. Sukuru kwance shi ake yi, kilif waje ake fizgo shi, sama kuwa ɗagawa ake yi. Ɓarnar da na fi gani a ƙofofin mutane daga haɗa waɗannan ukun take zuwa: a fizgi inda sukuru yake, ko a janyo sama waje alhali ɗagawa yake so.

Kafin na taɓa motar sai da na sami sabon kilif irin nata na juya shi a hannu, domin wanda bai san siffarsa ba a makance zai yi aiki. Kansa faifai biyu ne da siririn wuya a tsakani. Wannan wuyan shi ke zurawa ta gefe cikin wata 'yar kujera ta roba da ke fitowa daga bayan allon. Ƙasa da kan akwai kwala mai faɗi, sau da yawa da zoben soso a jikinta, ita ce ke kwanciya a kan ƙarfen ƙofa. Sai jikin kilif ɗin mai fikafikai, wanda ke shiga ramin ƙarfen, fikafikan su matse yayin shiga su buɗe a ciki.

Da ka gane wannan, za ka ga cewa gurbi biyu ne abin ɓamɓara zai iya shiga, kuma daga waje kusan iri ɗaya suke a hannu. Na farko tsakanin allon da kan kilif. Na biyu tsakanin kwalar kilif da ƙarfen ƙofa. Idan ka shiga na farko ka danna, ba kilif kake cirewa daga ƙarfe ba, allon kake yagewa daga kilif, kuma abin da zai fara sallamawa shi ne wuyan nan siriri ko kuma kujerar. Idan ka shiga na biyu, ƙarfinka yana tura kwalar ne kai tsaye, jikin kilif ya fito ta hanyar da ya shiga, kujerar ba ta ɗauki nauyin komai ba. Karyewar kilif ƙaramar asara ce, ana sayen wani. Karyewar kujera ita ce babbar matsala, domin a jikin allon take.

Shirin da na yi bai da yawa. Na nemi hoton bayan allon irin wannan motar na ƙirga kilif tara, na lura da inda kowanne yake: uku a gefen baya, huɗu a ƙasa, biyu a gefen gaba wajen hinji. Na tanadi sababbi kafin na fara, saboda tsohuwar roba tana iya karyewa ko da hannunka ya yi daidai, kuma mutum ya fi natsuwa idan ya san akwai madadi a aljihu. Na wanke gefen ƙofar da ruwa da sabulu na goge, har cikin lungun da allon ya haɗu da ƙarfe. Mutane suna raina wannan matakin, amma ƙurar da ke maƙale a wurin yashi ce, kuma ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin abin ɓamɓara na roba za ta ja layi a fenti ko da robar ba ta da kaifi.

Sai zafi. Roba mai sanyi ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi. Da safe na so in fara, amma da na taɓa allon na ji shi da sanyi sai na bar motar a rana, ƙofa a buɗe, har robar ta yi ɗumi a bayan hannu. Inda babu rana, na'urar busar da gashi ta wadatar, a riƙa yawo da ita a gefen allon ba a tsaya wuri ɗaya ba. Ba na son bindigar zafi ta masu fenti a wannan aikin. Zafinta ya wuce abin da ake bukata, tana iya sa fuskar allon ta yi ƙyalli ko ta kumbura, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Na sauke gilashi har ƙasa, domin daga baya allon zai bukaci sarari ya tashi sama, kuma da zarar an cire makunnan ba za a iya sauke shi ba. Na kashe mota na zare makulli. A tawa jakar iska ta gefe a kujera take, ba a ƙofa ba. Amma akwai motocin da jakar ko na'urar jin karo ke cikin ƙofar, kuma alamar wayoyinsu soket ne mai launin rawaya. Wanda ya ga haka ya cire kan batir na baƙar waya, ya jira lokacin da littafin motar ya faɗa kafin ya taɓa komai.

Kayan aikin: 'yan ɓamɓarai na nailan, ɗaya siriri ɗaya mai faɗi, da wani na ƙarfe mai baki a tsage biyu wanda aka yi musamman don rungumar wuyan kilif, da tef ɗin takarda na masu fenti, da tocila, da sukurudireba mai baki huɗu, da wata mai kan tauraro lamba T20. Sukurudireba mai baki ɗaya ba ta cikin kayan ɓamɓara, ko an naɗe ta da tsumma. Bakinta siriri ne, duk ƙarfin hannunka yana taruwa a ɗigo ɗaya, kuma ta gefe ɗaya kawai take tura kilif, sai ya karkace a cikin rami maimakon ya miƙe ya fito. Tsumman kuma tun dannawar farko take huda shi.

Da sukurori na fara. Ɗaya yana bayan wani ɗan murfi a cikin kwarmin hannun buɗe ƙofa. Murfin yana da 'yar tsaga a gefe, nan na sa bakin siririn nailan, ya tashi ba gardama. Biyu suna ƙasan kwarmin da ake kamawa a ja ƙofa, ƙarƙashin wata 'yar shimfiɗar roba. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka na soka kowanne a jikin kwali na rubuta wurinsa. Dogon sukuru a ramin gajere yana iya huda fuskar allon ko ya taɓa abin da ke bayansa.

Farantin makunnan gilashi shi ne inda idon mai mota zai riƙa sauka kullum, saboda haka a nan na fi tausasa hannu. Na liƙa tef a kan matashin hannun, daf da bakin farantin. Irin wannan farantin yawanci ƙugiya ce a kai ɗaya, kilif na ƙarfe a ɗayan, kuma ta wajen kilif ake ɗagawa. Don in gane wanne ne wanne, na ɗan taɓa kowane kai da nailan. Ɗaya ya yi tsit ba motsi, ɗayan ya ɗan ba da kai ya dawo. Wanda ya ba da kai nan ne kilif. Na ɗaga shi, na zame farantin ya fita daga ƙugiyarsa, na danna harshen soket na zare. Murfin nan mai kusurwa uku da ke bayan madubi shi ma na janyo shi kai tsaye da yatsu, domin ya hau kan saman allon, ba zai bar shi ya tashi ba.

Yanzu aka zo kan kilif-kilif. Na liƙa tef ninki biyu a kan fentin ƙofar, tun daga gefen baya har ƙasa zuwa gefen gaba, na tura bakinsa ƙarƙashin allon iya inda farce ya kai. Na fara daga kusurwar ƙasa ta baya. A nan allon ya fi saukin lanƙwasa, ya fi nisa da sukurori, kuma idan wani abu ya faru ba wurin da ido ke kai wa ba ne. Na zura faffaɗan nailan a hankali, ba don in ɓalle komai ba, don dai in buɗe tsagar da tocila za ta haska. Na durƙusa na leƙa. Ga kilif ɗin nan fari, kamar yatsa uku daga inda na shiga, zoben sosonsa ya yi baƙi saboda tsufa.

Ban danna daga inda nake ba. Nisan yatsa uku ya isa ya sa allon ya lanƙwashe tsakanin abin ɓamɓara da kilif, sai kujerar ta murɗe. Na bar nailan ɗin a wurin ya riƙe mini tsagar, na shimfiɗa wani siririn nailan a kan tef ya zama matashi, sannan na zura mai baki biyun a kansa. Ina kallo da tocila har bakunan suka shige ƙarƙashin kwalar, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, jikin kilif ya zauna a cikin tsagar. Ana jin wannan a hannu ma: abin yana tafiya sumul sai ya tsaya cak, kuma idan ka gwada karkata shi gefe ba ya zuwa.

Dannawar ba fizga ba ce. Na ƙara nauyi a hankali, na ji kilif ɗin ya miƙe kaɗan, milimita biyu ko uku, kamar yana tunani. Na riƙe a nan na ɗan lokaci na ƙara kaɗan, sai ya ce "faf", ya fito. Sautin kilif da ya saki lafiya mai kauri ne, gajere, ba abin da ke biyo bayansa. Na wanda ya karye siriri ne mai kaifi, "ƙas", kuma sau da yawa za ka ji guntun ya gangara ya faɗa cikin ƙasan ƙofa. Duk wanda ya taɓa jin su biyun ba ya sake rikita su.

Ƙanena da ke riƙe mini tocila ya ce, "Yaya, tunda ɗaya ya fita, ba sai ka sa hannu ka ja sauran su bi ba?"

Haka ake gani masu gyara suna yi, kuma a sabuwar mota sau da yawa yana tafiya lafiya. Na ce masa ya duba yadda allon yake a yanzu: kusurwa ɗaya a buɗe, sauran a manne. Idan na ja daga nan, allon zai buɗe ne a karkace, kilif na gaba ba zai ji ja kai tsaye ba, zai ji ana karya shi ta gefe. Sabuwar roba tana jure wannan, tsohuwa ba ta jurewa. Don haka ɗaya bayan ɗaya na bi su. In matsar da faffaɗan nailan kusa da na gaba, in haska, in sa matashi, in rungumi wuya, in danna. Abin ɓamɓarar ba na jan sa a kan fenti daga wannan kilif zuwa wancan. Zare shi nake yi gaba ɗaya in sake shigarwa, domin jan sa a kwance shi ke yin dogon layin nan da ake gani a ƙasan ƙofofi da yawa.

Huɗun ƙasa suka fita haka. Da na hau gefen baya, na farko ya saki, amma a tsakaninsa da na biyu sai allon ya ƙi buɗewa, kuma ƙin nasa daban ne. Kilif yana da ɗan laushi, yana ba da kai kafin ya saki. Wannan kuwa babu laushi ko kaɗan, allon ne kawai ke lanƙwasa a zagayen wuri ɗaya, kuma da na ƙura ido na ga robar gefen tana shirin yin fari. Farin layi a roba alama ce cewa ta kai iyakarta. Na saki nan take na zare komai.

Hoton da na duba bai nuna sukuru a wurin ba, amma hannu ya ce akwai, kuma hannu na bi. Na shafa wurin da yatsa. Jan abin nan mai ƙyalli da ke gefen ƙofa, wanda ke haskawa idan fitilar wata mota ta dake shi, a daidai nan yake. Na sa siririn nailan a ƙarƙashinsa ya fito, ga sukuru mai kan tauraro a zaune. Mota iri ɗaya tana iya bambanta daga shekara zuwa shekara, don haka hoto jagora ne kawai. Da na kwance shi, allon ya saki jiki, kilif biyun da suka rage a gefen suka fita cikin sauƙi.

Gefen hinji ya fi matsi, saboda jikin motar yana tare hannu ko da an buɗe ƙofa har ƙarshe. A nan mai baki biyun bai sami kusurwar shiga ba. Tunda sauran duk sun saki, sai na zura tafin hannu ta ƙasa a bayan allon, na bi har yatsuna biyu suka sa kilif a tsakiya, bayan yatsun a jikin ƙarfe, na tura allon waje kai tsaye. Yatsu ba sa kankare fenti, kuma suna jin abin da ƙarfe ba ya ji. Na ƙasan ya fito da allon. Na saman kuwa allon ya taho ya bar shi a ƙofa, ba tare da wani sauti ba.

Wannan ba karyewa ba ce. Kujerar a buɗe take ta gefe ɗaya, kuma da allon ya ɗan zame sai kan kilif ya sulale ta inda ya shiga. Na bar shi a nan sai daga baya.

Akwai kuma wani kilif na daban a saman gefen gaba, wanda kansa ke waje ana ganinsa, da ɗan ƙusa na roba a tsakiya. Irin wannan ba a ɓamɓararsa yadda yake, domin ƙusan tsakiyar ne ke buɗe ƙafafunsa a cikin rami. Iri biyu ne. Akwai wanda ake danna tsakiyar ciki kaɗan har ta ce "ƙit", akwai wanda ake ɗago tsakiyar waje, kuma shi za ka ga 'yar tsaga a gefen kansa ta sa farce. Nawa na dannawa ne. Na danna da bakin T20 a hankali, kamar milimita biyu, ban wuce ba don kada ƙusan ya faɗa cikin ƙofa, sannan duka ya zaro da yatsu.

Da komai ya saki, na janyo ƙasan allon waje kamar faɗin tafin hannu, ba fiye ba, na kama gefe biyu na ɗaga sama. Ya ɗan yi gardama a kusurwar baya inda robar bakin gilashi ta kama, na girgiza shi kaɗan ya tashi. A nan ne mai taimako ke da rana, domin allon ya rabu da ƙofa amma har yanzu kebul ɗin hannun buɗewa da wayoyi suna riƙe da shi, kuma ba su da tsawo.

"Riƙe shi nan daf da ƙofa, kada ka matsa baya," na ce wa ƙanena. Na ɗauki hoton yadda kebul ɗin ya zauna kafin na taɓa shi. Rigarsa tana maƙale a wata tsaga, bakinsa kuma ɗan dunƙulen ƙarfe ne da ke zaune a gurbi. Na fitar da rigar daga tsagar, na juya kebul ɗin har ya yi daidai da bakin gurbin, dunƙulen ya fito. Soket ɗin fitilar ƙasa na danna harshensa na ja jikinsa, ba wayar ba. Muka kwantar da allon a kan bargo, fuska ƙasa.

Kilif ɗin da ya rage a ƙofa yanzu yana fili. Filaya tana kusa, amma ita kan take murƙushewa, kuma idan ta zame ƙarfe take sara. Na zagaye shi da tef, na sa matashin nailan, na rungume shi ta ƙarƙashin kwala, ya fito lafiya. Na mayar da shi kujerarsa nan take. Wanda ya bar kilif a ƙofa ya ɗora allo a kansa, kan ba zai koma cikin kujera ba, sai dai ya tokare ta ko ya fasa ta.

Sauya sifikar bai ɗauki lokaci ba, kuma ban taɓa ledar da ke manne a jikin ƙofar ba tunda ba ta rufe wurin ba. Ita ce ke hana ruwan da ke bin gilashi jiƙa allon, don haka wanda aikinsa ya sa ya ɗaga ta ya mayar da ita kan baƙin gam ɗinta yadda take.

Na fi daɗewa a kan bayan allon. Na zare kilif ɗin ɗaya bayan ɗaya na duba a haske. Duk sun fito da ransu, amma fitowa da rai ba ta nufin za su sake riƙewa. Biyu fikafikansu sun kwanta ba su dawo ba, ɗaya wuyansa ya yi fari. Waɗannan ukun na sauya. Wajen gwada sabo da tsoho abu uku nake dubawa: kaurin jiki, wanda dole ya dace da ramin ƙarfe, da tsawo daga kwala zuwa kai, da kaurin wuyan da ke shiga kujera. Bambancin milimita ɗaya a kauri ya isa ya sa kilif ya riƙa rawa a rami, ko kuma ya shiga da ƙyar ya ƙi fita sai an karya shi. Zoben soson ma ba ado ba ne. Shi ke hana roba gogar fenti tana ƙara, kuma yana toshe ramin daga ruwa da ƙura. Inda ya ruɓe na sa sabo.

A nan na ga cewa an taɓa buɗe ƙofar kafin motar ta zo hannuna. Kujera ɗaya ta ƙasa ta tsage a gindi, an shafe ta da gam mai saurin kamawa, gam ɗin ya bushe ya ɓare kamar ba a taɓa sa shi ba. Dalilin yana rubuce a bayan allon, inda aka buga >PP<. Wannan nau'in roba gam na yau da kullum ba ya kama shi. Narkarwa ce maganinsa. Na kankare tsohon gam, na daidaita kujerar, na bi tsagar da bakin ƙarfen soda mai matsakaicin zafi ina haɗa gefe biyu, na ƙara ɗan ƙyallen roba mai irin wannan tambarin a kai don ƙarfi. A waje na yi, saboda hayaƙin ba na shaƙa ba ne, kuma na riƙa taɓa fuskar allon ta ɗaya gefen don kada zafin ya huda. A daidai ramin wannan kujerar kuma akwai tsohon karce a fentin ƙofar, gajere mai zurfi, irin na bakin sukurudireba, ya riga ya yi ja. Na goge tsatsar da 'yar takardar yashi mai laushi, na share, na ɗiga fenti na bar shi ya bushe. Cikin ƙofa wuri ne da ruwa ke bi, ƙarfen da ya tsiraita a nan ba ya daɗewa.

Mayarwa tana karya kilif kamar yadda cirewa ke yi, wataƙila ma fiye, saboda a lokacin mutum ya gaji yana ganin ya gama. Na mayar da kebul da soket, na zaro wayar makunnan ta raminta don kada ta maƙale a baya. Na rataya saman allon a leɓensa tukuna, na danna shi ƙasa har ya zauna daga kusurwa zuwa kusurwa. Kafin in buga ko kilif ɗaya, na haɗa makunnan na kunna mota, na gwada gilashi sama da ƙasa, na ja hannun ciki na ga ƙofa tana buɗewa, na gwada kulle, na saurari sifika. Kowace buɗewa tana rage wa kilif ƙarfi, ba na so in sake ɓalle su saboda soket ɗaya da aka manta.

Sannan na leƙa ta gefe da tocila, na tabbatar bakin kowane kilif yana kallon raminsa. Na ƙasa na biyu ya kauce, bakinsa a kan ƙarfe yake, saboda ya ɗan zame a kujerarsa. Da na buga shi a haka, da ya lanƙwashe ko ya tura kujerar da na gyara ta sake tsagewa. Na sa yatsa na gyara masa zama har na ji bakin ya faɗa rami. Daga nan na bi su daga sama zuwa ƙasa, ina sa gindin tafin hannu daidai kan kowane kilif, bugu ɗaya gajere. Wanda bai shiga da bugu ɗaya ba, ba na ƙara masa ƙarfi, sake leƙawa nake yi.

Sukurori suka koma wurarensu bisa ga kwalin, na ɗaure su da hannu har suka tsaya ban ƙara ba, tunda wasunsu cikin roba suke ci. Kilif mai ƙusa na ja tsakiyarsa waje tukuna, na sa shi a rami, sannan na danna tsakiyar ta yi daidai da kan. Tef ɗin na ɓare shi a hankali ina lanƙwasa shi baya, na haska fentin da tocila a kwance, domin hasken gefe ne ke tona karcen da hasken gaba ke ɓoyewa. Babu sabon layi. Na bi gefen allon da yatsa ina neman inda ya tashi daga ƙarfe, sannan na ƙwanƙwasa shi da bayan yatsu a kan kowane kilif. Takwas suka amsa da sauti mai kauri, na kusurwar gaba ta ƙasa ya yi 'yar rawa, na ƙara masa bugu ɗaya ya ce "faf" ya zauna.